Wasiƙun Baba, Biyar-Biyar

Innata ba ta ƙona tuwo. Duk wanda ya san gidanmu ya san haka. Tun muna yara, in ɗayarmu ta bar tukunya ta kama, sai mun gwammace a doke mu da faɗan da za ta yi. Ni na fi kowa shan faɗan, don ni ce mai gaggawa a gidan, kuma har yau ban daina ba.

Shekara uku bayan rasuwar Baba na samu hutun mako guda daga ajin manyan mata da nake koyar da karatun Hausa a Tasawa. Na hau mota, na ƙarasa da kabu-kabu zuwa ƙauyenmu, gaba kaɗan da Gidan Amumune. An gama girbi, rumbuna a cike, Inna lafiya lau sai ciwon gwiwa. Washegari da hantsi ta jawo wata tsohuwar jakar fata daga ƙarƙashin gado ta aje a gabana. Wasiƙu ne goma sha shida, kowace a cikin ambulan ɗinta. Baba ne ya rubuto su a shekarun da ya yi can arewa yana aikin hanya, lokacin Inna tana amarya, ba a ma haife ni ba.

Baba ya yi lakwal, wato makarantar boko, shekara huɗu, don haka da Faransanci yake rubutu. In wasiƙa ta zo, yayansa ne ke karantawa a zaure gaban kakanmu, yana juyawa da Hausa. Inna tana bayan danga tana saurare, don amarya ba ta zama gaban surukinta. Ta ce ana gaida tsoho, ana gaida tsohuwa, ana tambayar gero da rijiya, har jakin gidan an taɓa tambaya. Ita ba ta taɓa jin an ambace ta ba. Da ya dawo kunya ta hana ta tambaya, shi ma bai ce komai ba, suka zauna fiye da shekara arba'in cikin zaman lafiya da wannan ɗan ƙulli a ranta.

Ta ce, "So nike in ji ko ya taɓa gaishe ni. Ko sau guda. In babu, babu, na dangana."

Na ce mata ai ni ba na jin Faransanci, ta sani. Babu lakwal a ƙauyenmu lokacin da nake yarinya, karatun Hausa da girmana na koya. Rubutun Baba kuwa irin na 'yan lakwal ne, haruffa a sarƙe da juna, ko baƙi ɗaya ba na iya cirewa. Na ce mu kai wa mushen lakwal ɗin garin, wato malamin makaranta. Ta harare ni.

"In kai mishi, gobe gari duka ya ji tsohuwa na biɗar gaisuwar miji? A'a. Ke kin ce akwai wani abu cikin wayarki da ke karatu. Shi ba ya da dangi garin ga."

Gaskiyarta. Akwai manhajar nan da ake rubuta wa tambaya ta ba da amsa kamar mutum, ana kuma iya tura mata hoto ta karanta abin da ke ciki. Ina amfani da ita wajen shirya darasi. Tun daga ranar Inna ta raɗa mata suna Mushen Waya, ni ma na bi ta, har nake ce masa shi.

Na shimfiɗa tabarma a inuwa na fidda takardun. Falle arba'in ne cif. Baba gefe ɗaya yake rubutu, don takardar ba ta da kauri, tawada na ɓullowa. A bayan wasu fallayen na ga ɗan rubutu layi ɗaya ko biyu, a wajen da ke waje in an ninke. Na ce wannan adireshi ne, na wuce. Na ɗauki hotunan gaba arba'in, na zaɓe su duka zan tura. Waya ta ƙi. A lokacin, wanda nake amfani da shi hoto biyar kawai yake karɓa a saƙo ɗaya. Na ji an ce yanzu an ƙara, amma mu dai biyar muka samu.

Raina ya ɓaci. Arba'in biyar-biyar saƙo takwas ke nan, kuma a ƙauyenmu rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya shiga ɗaki. Sai ka je kan tudu gindin gawon da ke bayan gari, ka ɗaga waya, ka jira hoto ya hau ɗaya bayan ɗaya. Sai na yi dabara irin ta masu gaggawa: na jera falle takwas a kan tabarma na ɗauke su hoto ɗaya, na yi haka sau biyar. Ga arba'in a saƙo guda. Na hau tudu ina jin kaina. Amsa ta zo cikin ladabi cewa yana ganin takardu ne masu rubutun hannu, amma rubutun ya yi ƙanana ƙwarai, in ya ce zai karanta to zato zai yi. Ya ce in ɗauki kowane falle shi kaɗai, kusa, cikin haske. Na dawo gida na gaya wa Inna, ta yi dariya har da tafa hannu.

"Kin ga? Ko Mushe ya san ba a cusa loma takwas baki guda."

Haka muka koma biyar-biyar. Inna ta ce ba za ta zauna gida tana jira ba, ta ɗauki sanda ta bi ni tudun, muka shimfiɗa tabarma gindin gawo. Wasiƙar farko falle uku ce, gara ta ci gefen na ukun. Ta biyu ma uku ce. Da na tura biyar na farko, wasiƙa ta biyu ta rabu ke nan, falle biyu sun tafi, ɗaya ya rage. Mushen Waya ya juya su da Hausa, irin Hausar littafi, na karanta wa Inna. Baba na ba da labarin wata rana da motar ruwa ta lalace, suka ga raƙumi ya nufo su ba kowa a kansa. Nan magana ta tsaya. Mushe ya ce jimlar ba ta ƙare ba, da alama akwai ci gaba.

Inna ta ce, "Sai mi ya hwaru? Raƙumin wa?"

Na ce sai hoto na shida ya hau. Kafin ya hau kuwa rezo ya ɗauke. A zaman jiran nan Inna ta fara magana. Ta ba ni labarin ranar da aka kawo ta daga Hawandawaki a kan amalanke, yadda rairayi ya riƙe ƙafar amalanken har sai da 'yan rakiya suka sauka suka tura, ita tana lulluɓe tana dariya a ɓoye. Shekarata nawa a duniya, ban taɓa jin wannan ba.

Saƙo na biyu ya tafi da falle na shida zuwa na goma: ƙarshen wasiƙa ta biyu, da wasiƙa ta uku mai falle huɗu. Raƙumin ashe na wani makiyayi ne da ke tafe a baya, shi ya nuna musu rijiya. A ƙarshen amsar Mushe ya ƙara wata magana. Ya ce a ƙasan hoto na ɗaya da na biyar akwai haruffa huɗu, T.S.V.P., waɗanda a Faransanci ke nufin a juya takarda, ko akwai rubutu a baya? Rana ta take, ga Inna na cewa in ci gaba. Na ɗauko tarin takardun, na juya falle na ɗaya, fari fat. Na ƙirga na juya na biyar, shi ma babu komai. Na rubuta masa cewa na duba, babu komai a baya, kuma ya daina kawo mini zancen haruffan nan, fassara kawai nake so. Ya ce to. Bai sake ambata ba.

Kwana huɗu muka yi, saƙo biyu kullum, don da rana ta ɗaga sai Inna ta koma gida, ni kuma in kai waya wajen mai sola a cika ta. A hankali na koyi zaman da biyar ɗin. Na daina raba wasiƙa in da hali: in mai falle uku da mai biyu suna jere, sai su tafi tare. In dole ta rabu, sai in rubuta masa cewa akwai saura, kada ya fara sai na ce na gama, ya amsa da cewa ya karɓa yana jira. Na fara jin daɗin abin da na tsana. Da arba'in ɗin sun tafi lokaci ɗaya, da na karanta mata su a zama guda, ta ce madalla, mu tashi. Amma biyar kaɗan ce, tana ƙarewa Inna na da abin cewa. Baba ya tambayi wata saniya, Inna ta gaya mini wanda ya saye ta da yadda ta tsere ta dawo gida sau biyu. Baba ya ce sanyi ya fasa masa ƙafa, Inna ta ce ai da kaushin nan ya mutu, ba man da ba ta shafa masa ba. Wani lokaci Mushe ya kasa karanta kalma, ya ce ba shi da tabbas, ko kaza ce ko kaza, Inna ta ce sunan gonarmu ta gabas ce, ta gyara masa. Tana jin daɗin gyara Mushe.

Amma duk wasiƙar da ta zo ƙarshe, ina ganin yadda take tsayar da hannunta daga ɓarar gyaɗar da take yi. Ana gaida tsoho, ana gaida tsohuwa, ana gaida yaya da iyalinsa, ana gaida liman. Sai sa hannu. Sai ta ci gaba da ɓara.

Rana ta huɗu saƙo na takwas ya tafi. Wasiƙar ƙarshe gajera ce: aiki ya ƙare, yana tafe bayan salla. Gaisuwa ga tsoho, ga tsohuwa, ga kowa da kowa. Na karanta a hankali, ina fatan wani layi zai tsiro. Har na tambayi Mushe ko a duk hotunan da na turo akwai inda aka ambaci matar mai wasiƙar. Ya ce a cikin arba'in ɗin da ya gani, babu.

Inna ta kakkaɓe zanenta ta ce, "To, alhamdu lillahi. Ai ina cikin kowa da kowa." Ta dogara sandarta ta sauka tudun. Na ji tausayinta har cikin raina, na kuma ji haushin Baba, Allah ya jiƙansa, mutumin da ya tuna jaki.

Ban bi ta ba. Na zauna ina jan hirar sama da yatsa, ina sake karantawa don huce haushi. Hirar ta yi tsawo, sai na yi ta ja kafin in kai farko. A saƙo na biyu idona ya faɗa kan tambayar nan ta haruffa huɗu. Wannan karon na karanta ta a natse. Abin da ya rubuta shi ne: hoto na ɗaya da na biyar a cikin wannan saƙon. Ni tun daga falle na farko nake ƙirgawa har arba'in, shi kuwa a kowane saƙo daga ɗaya yake farawa ya tsaya a biyar. Na ɗayansa shi ne na shida a wurina, na biyar ɗinsa na goma. Ƙarshen wasiƙa ta biyu da ƙarshen ta uku ke nan. Na ciro su na juya. Ga ɗan rubutun nan da na kira adireshi. Na duba sauran, duk falle na ƙarshe yana da shi, goma sha shida cif. Adireshi kuwa ai a kan ambulan yake, ina da ido na gani. Na ƙi ɗaukarsu ne don kada saƙo takwas ya zama sha biyu, kuma da aka tambaye ni na yi wa mai tambaya tsawa.

Wannan karon ban yarda da ƙirgar kowa ba. Na yage falle daga kaye, littafin da nake rubuta darasina, na yanka ƙanana, na rubuta lamba ɗaya zuwa sha shida da alƙalamin bik, na ɗora kowace a gefen bayan wasiƙarta kafin in ɗauka, don lambar ta fito cikin hoton. Na tura biyar na farko, na ce masa ni na yi kuskure, ga bayan takardun, ya kira kowace da lambar da ke jikinta.

Amsar ta zo da abin da ban zata ba. Ya ce wannan ba Faransanci ba ne. Ya ce ga alama Hausa ce aka rubuta da ƙa'idar Faransanci, ya jera mini haruffan yadda suke. Lamba ɗaya: A gaïda maï kona touo. A tché mata ina kéwal kanzo. Na kalle shi ban gane ba, sai na furta da baki, na ji Hausa ta fito. A gaida mai ƙona tuwo. A ce mata ina kewar ƙanzo. Mushe ya ce kalmar ƙarshe ta dushe a lamba ɗaya, amma ta sake fitowa sarai a lamba uku da ta huɗu, shi ya sa ya tsaya a kanta, ko da yake ba shi da tabbacin me ake nufi da ita a nan. Ni na sani. Ƙanzo ai ɓawon tuwo ne da ke kamawa a gindin tukunya, kuma Baba har ya tsufa in an kankare shi ake kai wa.

Na sauko tudun da gudu, mace mai jikoki. Na tarar da Inna tana sharar tsakar gidan da ta riga ta share da safe. Na ce, "Inna, wace ce mai ƙona tuwo?"

Tsintsiya ta tsaya. Ta ce, "Wa ya hwaɗa miki wagga magana?"

Na karanta mata. Ta zauna a kan turmi, ta ja mayafi ta rufe baki, sai na ga kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce, ko da yake hawayen ma sun zo. Ta ce daren farko da aka ba ta girki a gidan, tsoro ya sa ta cika wuta, tuwon mutum goma sha ya ƙone. Baba ne ya sa aka kankaro masa ƙanzon, ya ci a gaban kowa, ya ce shi dama haka yake so. Ta ce tun ranar ta rantse ba ta sake ƙonawa.

"Shi ya sa!" ta ce. "Yayan babanki in ya kai ƙarshe sai ya juya takarda, ya yi tari, ya ninke. Ni ina hange ta kahwar danga, na ce tarin taba ne. Ashe kunya ta! Wa zai karanta wanga gaban tsoho?"

Na karanta mata sauran huɗun. A ta biyu ya ce a gaida mai ƙona tuwo, tuwon nan wurin ba ya ko ƙonuwa don ba ya da rai. A ta uku ya tambaya ko har yanzu ƙanzo na jiransa. Kowace da irin tsokanarta. Na miƙe zan koma tudu in tura sauran sha ɗaya, tunda rana ba ta faɗi ba. Ta riƙe mini zane.

"Ina za ki? Biyat ta isa yau. Na jira shekara arba'in, ba ni shanye su rana guda. Gobe biyat."

Hutuna saura kwana uku, ya yi daidai. Washegari biyar, jibi biyar, tana sa ni in maimaita kowace sau biyu, ni kuma ina kwafe su cikin kaye da rubutunmu na Hausa don in waya ta ɓace kada su ɓace. A ta tara akwai kalmar da tawada ta cinye, Mushe ya ce ba zai iya ba, Inna ta ce a bar ta, ta san abin da ya ce. Ban tambaye ta ba.

Ranar da zan koma Tasawa saura ɗaya, lamba sha shida. Muka hau tudu da sassafe, hoto ɗaya tak ya hau ba wahala. Layi ɗaya ne: a ce ma mai ƙona tuwo ta ɗora tukunya, ga ni nan tahe. Inna ta gyaɗa kai, ta ce in sake, na sake. Ta tashi ta riga ni sauka.

Mai kabu-kabu ya ce sai bayan azahar, Inna ta ce ba zan tafi da yunwa ba, ta hana ni taɓa komai a madafa. Ina ɗaki ina mayar da kowace wasiƙa cikin ambulan ɗinta sai na ji ƙauri. Na fito da sauri. Tana zaune a kan kujerarta gaban murhu, muciya a kan cinya, wuta na ci, ba ta ko motsa ba.

Na ce, "Inna, tuwonki na ƙonewa!"

Ta ce, "Na sani. Bar shi ya kama da kyau."